Tambayoyin ƴan istaj kan sa wa fishiye suna da shirya dosiye a Drive ɗin ofis

Shekara da shekaru nake karɓar ƴan istaj a ofishinmu nan Damagaram, wasu daga jami'a wasu daga makarantun koyon sana'a, su yi wata biyu ko uku su tafi. Kusan dukkansu suna da ƙwazo wallahi, aikin yana yin kyau, amma bayan sun tafi da sati biyu sai shef ya ce a kawo masa tablon da yarinyar nan ta yi, a shiga nema a rasa, a kira ta a waya tana can Zango ko ta koma gida Magarya ita ma ta manta inda ta ajiye. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ƙannena ƴan istaj suka fi yi mani. Ina magana ne a kan Google Drive tunda shi muke amfani da shi, kuma na rubuta sunayen da ke kan allo da Faransanci yadda suke fitowa a kwamfutocinmu.

1. Yaya, an ce in ajiye aikina a Drive ɗin ofis. Ba shi ne wanda ke cikin wayata ba?

Manhajar ɗaya ce amma ɗakunan daban ne, kuma nan ne matsala ta farko take. Idan ka buɗe za ka ga `Mon Drive`, wannan naka ne, duk abin da ka zuba ciki kai ne mai shi. Za ka ga `Partagés avec moi`, wannan ba ma wurin ajiya ba ne, jerin abubuwan da wasu suka buɗe maka ne kawai. Sai kuma `Drive partagés`, wanda ke fitowa idan ofishin yana da kont na Google Workspace kuma an saka ka ciki. Abin da aka zuba a wannan na ukun na ofis ne ba na mutum ɗaya ba, ko wanda ya zuba ya bar aiki fishiye ɗin yana nan daram.

Ƙananan ofisoshi da yawa a nan ba su da wancan, abin da suke kira Drive ɗin ofis dosiye ne kawai da wani ma'aikaci ya buɗe a Gmail ɗinsa ya raba wa kowa. Yana aiki, amma ka san wannan: abin da ka ɗora a cikin irin wannan dosiye da naka Gmail ɗin, kai ne mai shi har yanzu, kuma daga cikin giga 15 ɗinka na kyauta yake ci. Ranar da wayarka ta ce wuri ya cika ka shiga goge-goge, aikin ofis kake gogewa ba ka sani ba. Don haka ranar farko ka tambayi mai kula da kai wanne ne daga cikin biyun ake da shi. Abin da za ka yi kafin ka tafi yana tambaya ta 11.

2. In buɗe dosiye da sunana in zuba komai nawa a ciki? Ai ya fi sauƙin nema.

Ya fi maka sauƙi kai, yau. Wanda zai nemi aikin nan da wata shida ba sunanka zai tuna ba, aikin zai tuna, zai ce ina ƙidayar famfunan Mirya, ba zai ce ina dosiyen yaron nan mai farar hula ba. A namu Drive ɗin akwai lokacin da na ƙirga dosiye bakwai masu sunayen ƴan istaj da suka wuce, biyu ma sunansu ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya faɗi abin da ke cikin kowanne sai ya buɗe.

Aikin da aka sa ka ya shiga dosiyen wannan aikin, inda ma'aikatan suka saba dubawa. Dosiye mai sunanka ka bar shi don abin da ya shafi istaj ɗin kansa, wato takardar karɓarka, rapor ɗin da za ka kai makaranta, da abin da kake gwadawa wanda bai nuna ba tukuna. Idan kana so a san kai ka yi, haruffan farko na sunanka a ƙarshen sunan fishiye sun isa.

3. To yaya ake sa suna mai kyau? A ba ni misali na gaske.

Ka ɗauka wanda zai karanta sunan bai san ka ba, bai buɗe fishiye ɗin ba, kuma ma an turo masa shi ne a waya ba tare da dosiyen da yake ciki ba. Sunan shi kaɗai ya kamata ya gaya masa yaushe, wane aiki, a ina, wane irin takarda ce, zubi na nawa. Bari in kawo abin da ya faru da wata yarinya da ta yi istaj wajenmu. An tura ta da wani ma'aikaci ƙauyukan wajen Mirya su ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa, wanne ke aiki wanne ya lalace, ta dawo ta yi aiki mai tsabta, amma da na buɗe dosiyen ga abin da na tarar:

```
Classeur1.xlsx
Classeur1 (2).xlsx
rapport final.docx
rapport final corrigé vrai.docx
IMG-20250211-WA0007.jpg
```

Ka ga ba inda aka ambaci famfo, ba inda aka ambaci Mirya. Idan shef ya rubuta `pompes` a wurin nema yana iya dacewa ya samu ta abin da ke rubuce a ciki, amma zai samu haɗe da wasu takardu ashirin kuma ba zai san wanne ne na ƙarshe ba. Muka zauna da ita, minti ashirin bai cika ba, muka buɗe kowanne muka duba abin da ke ciki muka mayar da su haka:

```
2025-02-11_pompes_Mirriah_donnees-brutes.xlsx
2025-02-14_pompes_Mirriah_donnees-nettoyees_v02.xlsx
2025-02-20_pompes_Mirriah_rapport_v01.docx
2025-02-25_pompes_Mirriah_rapport_v02_valide.docx
2025-02-11_pompes_Mirriah_photo_01.jpg
```

A nan ne muka gano cewa `Classeur1 (2)` ba kwafi ba ne kamar yadda sunan ya nuna, shi ne wanda ta gyara ta cire famfunan da aka rubuta sau biyu, kuma da wani ya zo shara da shi zai fara gogewa. Layin ƙasa yana raba ɓangarorin sunan, ɗan gajeren layin tsakiya yana haɗa kalmomin ɓangare ɗaya. Ba dole sai ɓangare biyar ba, idan takarda ba ta da alaƙa da wani gari ka bar wurin. Abin da ba na so ka canza shi ne jerin, idan ka fara da kwanan wata yau to gobe ma da shi za ka fara.

4. Me ya sa shekara a gaba? Mu ai rana muke fara rubutawa.

Saboda kwamfuta daga hagu take jera sunaye, harafi bayan harafi. Ɗauki takardu uku da aka rubuta yadda muka koya a lakkol, `05-03-2025` da `12-01-2025` da `28-02-2025`. Za ta sa ta watan Maris a sama tunda 05 ya fi ƙanƙanta, sannan ta Janairu, sannan ta Fabrairu, ka ga an hargitsa. Idan ka rubuta `2025-01-12`, `2025-02-28`, `2025-03-05` suna jeruwa da kansu daga tsohuwa zuwa sabuwa. Wannan tsarin shekara, wata, rana shi ake kira ISO 8601, kuma yana da wani amfani na biyu: idan abokin aiki ɗan Amurka ya ga `05-03` zai karanta 3 ga Mayu ne, amma `2025-03-05` ba mai ruɗewa a kansa. Kada ka manta da sifilin gaba, `03` ba `3` ba.

Wasu suna cewa ai Drive yana nuna kwanan wata da kansa. Yana nuna ranar da aka taɓa fishiye ɗin na ƙarshe ne, wani ya buɗe ya gyara waƙafi ɗaya ranar ta koma ta yau. Kwanan da za ka sa a suna shi ne na abin da kansa, ranar da aka yi raniyo ko ranar da aka fita misiyo, ba ranar da ka samu rezo ka ɗora ba. Takardar da ake ta ƙara mata abu kullum, kamar jerin kayan magaza, ita ba ta buƙatar kwanan wata a suna ko kaɗan.

5. Da Hausa zan rubuta sunan ko da Faransanci? Kuma zan iya sa ƙ da ɗ da é?

Harshen da sauran fishiye na ofishin suke da shi, shi za ka bi, tunda da shi mutane za su yi nema. Idan rahotannin ofis `rapport` ake kiransu kai ka rubuta `rahoto`, wanda ya nemi ɗaya ba zai ga ɗayan ba. Ofishin da ke aiki da Hausa, kamar masu shirya shirye-shiryen rediyo ko darussan yaƙi da jahilci, su sa da Hausa, ba laifi ko kaɗan.

Haruffa masu ƙugiya da wasulan Faransanci masu alama a kai, a cikin takarda ka rubuta su daidai, amma a suna ni ina barinsu. Drive yana karɓarsu, matsalar ita ce abokin aikinka da allon rubutunsa ba shi da ƙ zai rubuta k ya yi nema, sannan idan aka matse dosiye aka tura aka buɗe a wata tsohuwar kwamfuta wani lokaci haruffan sukan koma wasu alamomi marasa ma'ana. Akwai kuma alamomin da Windows ba ya karɓa sam a sunan fishiye:

```
\ / : * ? " < > |
```

Drive zai bar ka ka rubuta `11/02/2025` a suna, amma ranar da aka sauke shi a kwamfuta dole a canza alamar da wata, sunan ya daina zama wanda ka sa.

Abu ɗaya da ya fi waɗannan duka cin lokaci a wajenmu shi ne sunayen garuruwa. Wani ya rubuta `Mirriah`, wani `Mirria`, wani `Mirya`, haka `Matameye` da `Matamèye`, `Goure` da `Gouré`. Ukun farko duk gari ɗaya ake nufi amma wajen nema uku ne. Ka duba yadda tsofaffin fishiye suka rubuta ka bi, idan su ma sun saɓa ka tambayi shef wanne za a tsayar a rubuta shi a takardar bayani ta tambaya ta 10.

6. Na gyara rapor sau huɗu. Yaya zan nuna wanne ne na ƙarshe?

Kada ka rubuta `final`, don na ƙarshen yau gobe shef zai dawo da shi da jan biro, daga nan sai `final2`, sai `final vrai`, har kai kanka ka rasa gane kan zaren. Ka yi lamba, `v01`, `v02`, `v03`, wanda ya fi lamba shi ne sabo, kuma sifilin yana hana wasu manhajoji sa `v10` a gaban `v2`. Kalmar `valide` sai wanda shef ya amince da shi, ita ma sau ɗaya. Tsofaffin zubi kada ka goge, ka buɗe ƙaramin dosiye `anciennes-versions` ka tura su can don wanda ya shigo ya ga guda ɗaya tal a gabansa.

Wannan na takardun Word da Excel ne da ake saukewa a gyara a sake ɗorawa. Idan Google Docs ko Sheets kake aiki da shi kai tsaye ba ka buƙatar kwafi ko ɗaya, fishiye ɗaya ne, tarihin gyaran yana cikin `Historique des versions` kuma kana iya sa wa wani zubi suna a can, misali wanda aka tura wa shef. Na Word ɗin ma akwai `Gérer les versions` inda za ka ɗora sabo a kan tsohon liyen ɗin bai canza ba, sai dai ka sani Drive yana iya share tsohon zubi bayan kwana 30 ko idan sun kai 100, in ba ka zaɓi a ajiye shi dindindin ba. Shi ya sa bayanan da aka kwaso daga ƙauye, waɗanda ba a taɓa ba, nake so su zauna a fishiye nasu daban da `donnees-brutes` a sunan, kada a yi gyara a kansu ko na harafi ɗaya. Idan ka yi kuskure wajen tsaftacewa wajensu za ka koma, ba za a sake ɗaukar mota a koma Mirya ba.

7. Dosiye nawa zan buɗe? Ina son komai ya zama a tsare.

Kafin ka buɗe ko ɗaya ka yi yawo cikin Drive ɗin na rabin awa ka ga yadda masu gida suka shirya kayansu. Baƙo ba ya zuwa ya sake wa ɗaki tsari, ko da tsarin bai yi maka ba ka bi shi, in kana da shawara ka kai wa mai kula da kai. Idan aikin sabo ne babu inda aka tanada masa, wannan ya ishe ka:

```
Pompes_Mirriah_2025
  00_LISEZ-MOI
  01_donnees
  02_rapports
  03_photos
  04_administratif
```

Lambobin gaba suna tsayar da jerin yadda kake so. Kada ka wuce hawa uku ko huɗu na dosiye cikin dosiye, mutum yana gajiya da dannawa musamman a waya da rezo mai rauni, kuma Windows a yadda ya saba yana da iyakar haruffa 260 ga dukkan hanyar fishiye tun daga dosiyen farko har sunansa, idan aka wuce sai kwafi ya ƙi. Dosiye mai suna `Divers` ko `Nouveau dossier` kuwa kada ka bari ya kwana.

8. Fishiye ɗaya ya shafi aiki biyu. In yi kwafi in sa a kowanne?

A'a. Kwafi biyu yau iri ɗaya ne, nan da sati wani ya gyara ɗaya, an samu gaskiya biyu a ofis ɗaya. Ka ajiye shi wuri ɗaya, ka danna dama a kansa ka nemi `Ajouter un raccourci` ka zaɓi ɗayan dosiyen, zai sa ɗan manuni mai kai mutum wajen na ainihin. Ka lura kuma Drive yana iya barin fishiye biyu masu suna iri ɗaya sak su zauna a dosiye ɗaya, abin da Windows ba ya yarda da shi, to idan ka ga tagwaye kada ka ɗauka abu ɗaya ne, buɗe su ka gwada kamar yadda muka yi a tambaya ta 3.

9. Hotuna da takardun da ake turo mani ta WhatsApp fa? Kuma idan ba rezo?

Hoto daga WhatsApp yana zuwa da suna irin `IMG-20250211-WA0007.jpg`, kwanan da ke ciki na ranar da ya shigo wayarka ne, ba lalle ranar da aka ɗauka ba. Idan hotuna talatin ne na fita ɗaya ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba, a Windows ka zaɓe su duka ka danna `F2` ka rubuta suna ɗaya, zai ƙara musu lamba da kansa, sannan ka ɗora. Amma hoton da ke shaida wani abu, kamar famfon da kansa ya karye, ka sa masa sunan ƙauyen tun kana tunawa, bayan sati biyu duk famfuna kama suke da juna.

Maganar rezo da ɗauke kuran duk mun san ta, ba wanda zai ce kada ka yi aiki a kwamfutarka ko a kile. Sharaɗin shi ne ka sa sunan daidai tun lokacin da ka fara ajiyewa, kuma ka tsayar da lokacin ɗorawa, ni ina ce wa nawa kafin a tashi kowace rana, in ya gagara to ranar Juma'a kafin masallaci. Bayan ka ɗora ka buɗe Drive ɗin a waya ka ga ya hau da gaske, don sau da yawa rezo yana yankewa a tsakiya mutum ya rufe kwamfuta yana zaton an gama. Abin da ka tura wa shef ta WhatsApp kawai ba a ajiye shi ba, waya tana faɗuwa a ruwa, ana sace ta.

10. Mene ne wannan `LISEZ-MOI` da kuke ta faɗa?

Takarda ce ƴar shafi ɗaya da ke saman dosiye, tana yin bayanin da kai za ka yi da baki da kana nan. Abin da suna ba zai iya ɗauka ba nan yake shiga. A na yarinyar famfunan abin da ta rubuta bai wuce layi goma ba: wa ya sa aikin da ranakun da aka fita, wane fishiye ne shef ya amince da shi, cewa ƙauyuka biyu ba a kai gare su ba saboda mota ta lalace don haka ba sa cikin lissafi, cewa a tablon lamba 1 tana nufin famfo yana aiki 0 kuma ya lalace, da yadda aka tsayar da rubuta sunan garin. Wannan maganar 1 da 0 ɗin ita ce bayan wata huɗu ta hana wani sabon ma'aikaci juya lissafin baibai, don shi ya ɗauka 1 ce alamar matsala.

Ka fara rubuta ta tun satin farko kana ƙarawa a hankali. Wanda ya bari sai ranar tafiya rabin abin ya riga ya fita kansa.

11. Istaj ɗina ya kusa ƙarewa. Me zan yi kafin in tafi?

Ka ware yini guda a satin ƙarshe, ba ranar ƙarshe ba da ake sallama da neman takardar shaida. Ka shiga wurin nema na Drive ka rubuta `owner:me`, zai nuna maka duk abin da kai ne mai shi. Duk wani na ofis da ka gani a jerin nan yana rataye ne a kont ɗinka, kamar yadda na faɗa a tambaya ta 1. Idan ofis yana da `Drive partagés` can ya kamata su koma. Idan dosiyen Gmail ne kawai, kana iya miƙa mallakar ga Gmail ɗin ofis ta wurin da ake raba fishiye, shi kuma sai ya karɓa kafin ta tabbata, kuma miƙa dosiye ba ya miƙa abin da ke cikinsa, kowane fishiye da nasa. Daga Gmail na kanka zuwa kont na Workspace kuwa Google ba ya barin miƙa mallaka kai tsaye, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ma'aikacin ofis ya sauke su ya sake ɗorawa da nasa kont ɗin.

Bayan haka ka yi gwajin da nake yi wa kowa. Ka samu wani a ofis da bai san aikinka ba, ka ce Malam don Allah nemo mani rapor ɗin famfunan da aka amince da shi, kai kuma ka yi shiru ka naɗe hannu kana kallo. Inda ya tsaya yana dube-dube, ko ya buɗe wanda ba shi ba, nan ne gyaranka yake. Idan ya samu cikin minti biyu ba tare da ya tambaye ka ba, aikinka zai samu bayan ka tafi.

12. Zan iya canza sunan fishiye na wasu ko in matsar da su idan na ga a hargitse?

Naka ka gyara yadda kake so, na wasu ka tambaya tukuna. A Drive canza suna ba ya lalata liyen ɗin da aka riga aka tura wa mutane, tunda liyen ɗin ba da suna yake aiki ba, amma mutumin da ya saba ganin abu a wuri ɗaya shekara uku zai zo ya rasa. Tablon Excel da ke jawo lissafi daga wani tablon kuma da suna da wurin zama yake gane shi, ka canza ɗaya ɗayan ya daina sabuntawa. Matsarwa ma tana iya canza waɗanda ke ganin fishiye, don yana ɗaukar izinin dosiyen da ya shiga. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan ba ɗan istaj matsayin `Contributeur` a `Drive partagés`, yana ƙarawa yana gyarawa amma matsarwa da gogewa an bar wa `Gestionnaire de contenu` da `Gestionnaire`. Ba raini ba ne.

Idan kuma tsautsayi ya sa ka goge wani abu, ka faɗa nan take. Yana zama a `Corbeille` kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya, a cikin kwanakin nan dawo da shi danna biyu ne, wanda ya ɓoye don kunya har wata ya wuce shi ne ya jawo asara ta gaske.

13. Jerin sunayen mutanen da muka yi wa tambayoyi, da lambobin wayarsu, ina zan sa shi?

Ba a dosiyen da kowa ke shiga ba. Ka tambayi shef wurin da aka keɓe wa irin wannan, inda mutum biyu ko uku kawai ke da izini, kuma kada ka taɓa buɗe shi ga duk wanda ke da liyen, don liyen yana yawo daga waya zuwa waya. Sunan fishiye ma kada ya ɗauki sunan mutum da abin da ya shafe shi, kamar rashin lafiyarsa ko bashin da ake binsa, tunda ana ganin suna ko ba a buɗe ba, kuma garin nan kowa ya san kowa, wanda ke cikin jerin yana iya zama maƙwabcin mai gadin ofis a Birni. Ka sa lamba a madadin suna, kamar `menage_014`, takardar da ke haɗa lamba da suna ta zauna a wurin da aka keɓe. Nijar tana da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, kuma ofishin ne zai amsa idan abu ya fita. Idan za ka ɗauki wani abu daga aikin ka sa a rapor ɗin makaranta, ka nuna wa shef ya gani kafin ka kwafa zuwa naka Drive ɗin.